Firiza tana gunji sai ta yi “ƙas” ta yi shiru: rile ne, obalod ne, ko kwampiresa ce ta mutu?

Hajiya Mai Ƙanƙara

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin sanyi. Ina da firiza irin mai murfi a sama wadda nake daskarar da ƙanƙara da zoɓo a ciki, kuma ta daina sanyi gaba ɗaya. Idan aka jona ta, fitilarta tana kamawa, sai a ji gunji daga baya na ɗan lokaci kaɗan, wanda bai wuce a ƙirga biyar ba, daga nan sai ta yi “ƙas” ta yi shiru. Bayan minti biyu ko uku sai ta sake yin haka, kuma baƙar tukunyar nan ta baya, wato kwampiresa, tana yin zafin da ba a iya ɗora hannu a kanta. Wani mai gyara ya duba ya ce kwampiresa ta mutu, sai an saka wata, amma ban ga ya auna komai ba, kunne kawai ya kasa. Ɗana yana da mitar awon wuta ta hannu kuma ya iya amfani da ita, don haka idan akwai abin da za mu iya tabbatarwa kafin in kashe wannan kuɗi, ina so a nuna mana.

Alhaji Mai Shagon Lemo

Wa alaikumus salam, Hajiya. Wannan gas ne ya ƙare. Haka nawa firjin ya daina sanyi bara, aka zo aka ɗura masa gas, har yau bai sake ba ni matsala ba. Ki nemi mai ɗura gas kawai.

Baba Mai Firji

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, abu na farko shi ne a zare filoginta daga bango yanzu, kada a bar ta tana maimaita wannan gunji, domin kowane gunji zafi yake ƙara wa wayoyin da ke naɗe a cikin kwampiresa, kuma da haka ne ƙaramar matsala take komawa babba.

Alhaji, da girmamawa, naka ciwon daban ne da nata. Firjin da gas ɗinsa ya tsiyaye yana tashi lafiya, har ma yakan yi ta aiki ba ya hutawa, sanyin ne kawai babu. Na Hajiya kuwa injin ne ya kasa juyawa tun daga farko, kuma ƙara masa gas ba zai juya shi ba, sai dai ya ƙara masa nauyi.

Ga abin da yake faruwa a cikin wannan ɗan lokaci. A cikin kwampiresa akwai kwayil biyu, wato naɗin waya, na aiki da na tayarwa. Kwayil na aiki shi kaɗai ba zai iya fara juya injin daga tsaye ba, sai na tayarwa ya taimaka masa na kamar daƙiƙa ɗaya, sannan a cire shi daga layi. Rile shi ne mai shigar da shi da fitar da shi. Idan injin bai juya ba, ko da wane dalili ne, sai ya riƙa jan wuta mai yawa, wadda ta ninka ta aikinsa na yau da kullum sau biyar ko fiye, kuma wannan ne gunjin da kike ji. Shi kuma obalod ɗan faifan ƙarfe ne da zafi yake lanƙwasawa, idan ya lanƙwashe sai ya yanke wutar, kuma ƙarar lanƙwashewarsa ce “ƙas” ɗin nan. Idan ya huce ya koma daidai sai ya mayar da wuta, a sake daga farko. Saboda haka ƙarar da ta dame ki alama ce cewa mai tsaron injin yana raye yana aikinsa. Abin da za mu nema shi ne dalilin da ya hana injin juyawa, kuma kunne ba ya bambance tsakanin mataccen rile da matacciyar kwampiresa, domin ƙararsu ɗaya ce.

Yaron Shago

Baba ya yi bayani mai kyau. Ni abin da maigidana ya koya mini mai sauƙi ne: a cire murfin robar da ke gefen kwampiresa, a zaro rile, a girgiza shi kusa da kunne. Idan ya yi ƙara to ya mutu, a sayi wani a saka, idan kuma bai yi ƙara ba to lafiyarsa ƙalau, sai a koma kan kwampiresa.

Baba Mai Firji

Ɗana, rabin maganarka daidai ne, sauran rabin kuma zai sa ka jefar da rile mai kyau ka kuma bar maras kyau. Rile iri biyu ne a waɗannan firji na gida. Akwai na zamani, wanda ake rubutawa PTC, ɗan akwatin roba ne baƙi mai wani faifai a ciki mai faɗin ƙaramin kwabo. Wannan ba shi da abin da yake motsi, don haka idan ka girgiza ka ji kamar tsakuwa, faifan ya farfashe ne, ya mutu. Amma akwai tsohon iri mai naɗin waya mai kauri da ake gani daga waje, wanda yake da ɗan ƙarfe a ciki da yake hawa yana sauka, kuma wannan dole ne ya yi ƙara idan aka girgiza shi, ko da sabo ne fil. Sannan shi kansa na faifan yana iya ƙonewa a wurin da ƙafafunsa suke taɓa faifan ba tare da ya fashe ba, ka girgiza ka ji shiru alhali ba ya wuce wuta. Mita ce take yanke hukunci.

Hajiya, a gaya wa yaro ya yi haka, filogi yana waje, kuma bayan injin ya huce sosai. Ya ɗauki hoton wayoyin kafin ya taɓa komai, domin mayar da su ne yake rikita mutane. Idan ya ga kafasita a jone da rilen, kada ya taɓa ƙafafunta da hannu sai ya sauke cajinta. Ya zaro rile da obalod a miƙe, kada ya murɗa, saboda ƙusoshi ukun da suke fitowa daga jikin kwampiresa a cikin gilashi aka dasa su. Ya sa mita a awon om, a kan 200, ya fara haɗa bakunan mitar biyu ya ga abin da take nunawa, don ya san abin da zai riƙa ragewa. Sai ya auna rile tsakanin ramukansa biyu da suke shiga ƙusoshi, ya auna obalod tsakanin shigarsa da fitarsa, ya kuma karanto mana rubutun da ke jikin rilen da na takardar da ke manne a jikin kwampiresa.

Malam Mai Haya

Ni ma nawa firjin yana yin wannan “ƙas” ɗin, musamman da dare idan gida ya yi shiru. Sai in ji ya yi ƙara ya tsaya, can an jima ya sake yin ƙara ya tashi. Yana sanyi sosai dai, har ruwa yana daskarewa a sama. Shin ni ma rilen zan canza tun kafin ya lalace?

Injiniyan Wuta

Malam, kada ka taɓa komai. Naka tamostat ne yake kashe injin idan sanyi ya kai, ya kuma kunna shi idan sanyi ya ragu, kuma haka aka yi shi. Bambancin a bayyane yake: naka yana aiki na mintoci masu yawa kafin ya tsaya kuma akwai sanyi, na Hajiya kuwa daƙiƙoƙi ne kawai na gunji babu sanyi. Akwai kuma hali na uku da yake tsakanin biyun, wato injin ya tashi ya yi aiki na wasu mintoci sannan obalod ya yanke shi, wanda galibi zafi ne yake jawo shi, ko ƙurar hunturu ta rufe kondensa, wato bututun da yake fitar da zafi waje, ko fankarsa ta tsaya, ko an manna firjin da bango.

Baba, ina so in ƙara abu ɗaya da nake ganin ya kamata ya zo kafin a kwance komai, wato ƙarfin wutar da take shigowa. Waɗannan injina an yi su ne don bolt 220 zuwa 240, kuma da yawa daga cikinsu suna fara kasa tashi idan wuta ta sauka ƙasa da 190 ko kusa da haka. Ba kuma awon soket a zaune ne yake da amfani ba, domin soket yana iya nuna 205 babu kaya a kansa, amma da injin ya yi yunƙurin tashi sai ta faɗo ƙasa sosai, musamman idan an ja doguwar waya siririya ko ana amfani da ƙaramin janareta. A wannan hali rile lafiya, obalod lafiya, kwampiresa lafiya, amma ƙarar ita ce dai wannan.

Hajiya Mai Ƙanƙara

Na gode muku ƙwarai. Ga abin da yaron ya samu. Rilen na roba ne baƙi, an rubuta QP2-22 a jikinsa, babu kafasita tare da shi. Da ya girgiza shi mun ji abu yana kaɗawa a ciki, kuma yana warin ƙuna. Da ya auna shi mita ba ta motsa ba, tana nuna OL kamar ba a taɓa komai ba. Obalod ya nuna 1.1, su kuma bakunan mitar idan aka haɗa su suna nuna 0.4. A jikin kwampiresa an rubuta 220-240V da 50Hz da R600a. Wutar soket da rana ta nuna 214.

Baba Mai Firji

Madalla, yaron ya yi aiki mai tsabta. Lambar 22 da ke ƙarshen rubutun tana nufin faifan ya kamata ya nuna kusan om 22 idan yana a huce, kuma da ya nuna 19 ko 26 da ba zan zarge shi ba. Tunda ya nuna OL, babu hanya a cikinsa ko kaɗan, wato kwayil na tayarwa bai samu wuta ba sam, kuma wannan shi kaɗai ya isa ya jawo duk abin da kika bayyana. Obalod kuma idan aka cire 0.4 ya rage ƙasa da om ɗaya, wuta tana wucewa ta cikinsa yadda ake so a huce.

Sai dai kada a saya a saka tukuna, a fara tambayar ita kwampiresar, domin idan kwayil ɗinta ya ƙone sabon rilen ma asara zai zama. Ƙusoshin uku sunayensu C da S da R, wato C mahaɗar kwayil biyun, S ta kwayil na tayarwa, R ta na aiki, wasu kamfanoni suna rubuta M a madadin R. Ba sai ya san wanne ne wanne ba kafin ya fara, tunda wasu injinan ƙusa ɗaya tana sama biyu a ƙasa, wasu kuma a juye. Ya auna su biyu-biyu, zai samu lambobi uku. Biyun da suka ba da lamba mafi girma su ne S da R, wadda aka bari ita ce C, kuma ƙananan lambobin biyu idan aka haɗa su dole su ba da babbar. Bayan haka ya mayar da mita kan awon om mafi girma da take da shi, ya kankare ɗan wuri a bututun jan ƙarfe ko jikin tukunyar har ƙarfe ya fito, ya ɗora baki ɗaya a nan, ɗayan kuma ya taɓa kowace ƙusa. A nan OL muke so mu gani duk sau ukun. Idan ta nuna wata lamba, wuta tana zuba a jikin firiza, kuma wannan injin ba a sake jona shi, domin yana iya kama mai buɗe murfi.

Mai Gyaran Unguwa

Duk wannan dogon lissafi ne. Mu a bakin aiki idan muka ga obalod yana yawan yankewa sai mu cire shi mu haɗa da waya kai tsaye, injin ya samu wuta sosai ya tashi. Na yi wa mutane da yawa haka kuma firjinsu yana aiki. Idan kuma ana so a tabbatar, a jona C da R da wuta, a taɓa S da sukudireba, nan take za a san ko yana da rai.

Injiniyan Wuta

Malam, ina roƙon kada kowa ya bi shawarar farko. Obalod ba ya rage wa injin wuta ko kaɗan, yanke ta kawai yake yi idan ta yi yawa. Waɗanda ka cire wa nasu kuma firjin ya ci gaba da aiki, obalod ɗin ne dama ya gaji yana yankewa da wuri, kuma maganinsa shi ne a saka sabo daidai da girman injin. Amma a injin da ya kasa juyawa, irin na Hajiya, cire shi yana nufin wutar nan mai yawa za ta ci gaba da bi ta cikin kwayil har rufin wayar ya narke. Ka kuma lura da abin da aka karanto a jikin takardar, R600a gas ne mai kama wuta, kuma idan ƙusa ta ƙone ta fita daga gilashinta, gas da mai ne suke fesowa ta wurin da tartsatsin yake.

Baba Mai Firji

Ina tare da Injiniya a kan cire obalod, babu wani uzuri a kansa. Gwaji na biyu kuwa gaskiya ne masu sana'a suna tayar da injin kai tsaye don su gani ko zai juya, amma ana yin sa ne da waya mai maɓallin dannawa, da obalod a kan layin C, da mitar maƙalawa, wadda ake maƙala wa waya, tana nuna amfiya, wato yawan wutar da injin yake ja, kuma ba a wuce daƙiƙa ɗaya a kan S. Ba aikin da zan sa yaro ya yi da sukudireba a gidan mahaifiyarsa ba ne. Sabon rile mai arha zai ba mu amsa ɗaya ba tare da wannan kasada ba.

Hajiya Mai Ƙanƙara

Baba, an auna. Lambobin su ne 17 da 24 da 41, kuma tsakanin kowace ƙusa da jikin tukunya mita ta nuna OL. Yaron ya je kasuwa da tsohon rilen a hannu, ya samo mai lamba iri ɗaya, ya sayo har da sabon obalod da mai shagon ya ce na girman injin ne. Da aka saka da rana ta tashi nan take, bututun baya ya yi ɗumi, kafin la'asar bangon ciki ya fara yin farin sanyi. Amma da magariba aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan da nan, sai ga gunjin da “ƙas” sun dawo. Muka zare filogi. Yanzu ban sani ba ko sabon rilen ne jabu, ko kuwa maganar mai gyaran farko ce take fitowa.

Baba Mai Firji

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, 17 da 24 sun ba da 41 daidai, kuma injin da ya tashi ya yi sanyi na sa'o'i bai mutu ba. Abin da ya faru da magariba yana da dalilai biyu da suke haɗuwa duk lokacin da wuta ta ƙyafta. Faifan rilen yana zama da zafi muddin injin yana aiki, domin zafin ne yake sa shi toshe hanyar kwayil na tayarwa, kuma yana bukatar mintoci kafin ya huce ya sake buɗe hanya. Sannan gas ɗin da injin ya matse yana nan da ƙarfinsa a gefen kondensa, sai ya bi ta siririn bututun nan a hankali kafin ɓangarorin biyu su daidaita, kuma waɗannan ƙananan injina ba su da ƙarfin tashi a kan wannan matsi. Saboda haka ko sabuwar firiza aka kashe aka kunna nan take, haka za ta yi. A bar ta minti goma a sake jonawa, yaron kuma ya riƙe mita a soket na kusa a kan layi ɗaya ya ga inda wuta take faɗawa a lokacin tashi.

Hajiya Mai Ƙanƙara

An bar ta ta huce, an jona. Kafin a jona wuta tana 192, da ta fara gunji ta sauka 171, ba ta tashi ba sai a yunƙuri na biyu. Da safe kuma wuta tana 216, ta tashi ba tare da wani gunji ba.

Injiniyan Wuta

To ga shi nan. A ganina wannan wutar ta yamma ita ce ta kashe rilen farko, domin duk yunƙurin da bai yi nasara ba yana gasa faifan, kuma za ta kashe na biyu idan ba a yi wani abu ba. Faɗuwar bolt 21 a lokacin tashi ta yi yawa, don haka a duba ko firizar tana kan doguwar waya ko soket mai sako-sako, a mayar da ita kan soket na bango mai waya mai kauri. Sannan a samo sitabilaiza mai jinkirin kunnawa, wanda yake jira mintoci kafin ya saki wuta, kuma ƙarfinsa ya ninka abin da firizar take ci sau da yawa saboda jan wutar tashi. Jinkirin nan shi zai magance matsalar ƙyaftawar wuta ko da babu kowa a gida.

Baba Mai Firji

Na yarda da sitabilaiza da gyaran waya, amma ban sallami kwampiresar gaba ɗaya ba tukuna. Mita ta gaya mana cewa wayoyinta lafiya suke, ba ta gaya mana komai game da fistin da sandar da yake juyawa a kai ba, kuma injin da ya fara cijewa yakan tashi a wuta mai kyau ya ƙi tashi a mai rauni, daidai kamar yadda muka gani. Abin da zai raba gardama shi ne mitar maƙalawa a kan waya ɗaya da safe. Injin wannan girma yakan zauna a kusan amfiya ɗaya ko ƙasa da haka bayan ya daidaita, kuma idan aka ga yana jan kusan ninki biyu na hakan alhali kondensa tana da tsabta kuma wuta ta cika, to akwai nauyi a ciki, sai Hajiya ta fara tanadin kuɗin wata kwampiresar.

Yaron Shago

Baba, idan haka ne me zai hana a saka mata haɗin nan mai rile da obalod da kafasita a gwangwani ɗaya? Na ga yana tayar da injinan da suka ƙi tashi, har a wuta mai rauni.

Baba Mai Firji

Yana tayarwa, domin kafasitar tana ƙara ƙarfin juyin farko, kuma ina amfani da shi a injin da ya riga ya gaji idan mai shi ya san cewa lokaci kawai muke saya masa. Abin da nake ƙi da shi shi ne obalod ɗin da ke ciki an yi shi ne don injina masu girma daban-daban, ba don wannan injin ba, kuma ba ya manne da jikin tukunya balle ya ji zafinta, saboda haka yakan makara wajen yankewa. A injin da kwayil ɗinsa yake lafiya ba zan fara da shi ba.

Injiniyan Wuta

A nan mun ɗan bambanta, Baba, domin a unguwar da wuta ba ta wuce 190 da yamma, ina ganin injin da ya tashi a yunƙurin farko da taimakon kafasita ya fi samun sauƙi a kan wanda yake gunji sau uku kafin ya tashi, muddin an zaɓi haɗin da ya dace da girmansa. Amma ga mai karanta wannan da firjinsa na inbata ne, kada ya nemi rile a jikinsa ko ya jona masa wannan haɗin, domin allon lantarki ne yake tuƙa shi, ƙusoshinsa uku lamba ɗaya suke nunawa a tsakaninsu, kuma wutar bango kai tsaye tana iya ƙone shi.